Amsar Tambaya: Intanet ya yanke bayan sauya rauta

Malam, ka ce ka sauya rauta, ka ba sabuwar lambar tsohuwar, amma intanet ya yanke. Kwamfutarka takan tambayi duk na'urorin gidan ta hanyar ARP, wa ke da 192.168.1.1? Mai lambar ya amsa da adireshin katinsa, wato MAC, ita kuma ta adana. Da alama na tsohuwar rautar ta riƙe. A Windows, buɗe `cmd` da izinin shugaba, rubuta `arp -d *`, sai ta sake tambaya.

Sannan duba `arp -a`. ARP ba ya tantance mai amsawa, kowa na iya yin sojan gona. In adireshin rauta ya zo ɗaya da na wata kwamfuta, akwai alamar ana ratsa bayananka ta cikinta. Gwada shi da wanda ke manne a jikin rautar. In sun saɓa, cire waccan kwamfutar tukuna.