Yadda Ake Tantance iPhone Ta Hannu Kafin A Tura Kuɗi

Mafi yawan masu sayen iPhone ta hannu a Jiji, Facebook ko sitatus na WhatsApp hoto kawai suke gani: sikirin babu tsaga, jiki na sheƙi, an rubuta batir ɗari bisa ɗari. Amma hoto ba ya nuna ko an canza batir, ko wayar a kulle take da asusun wani. Wayar da kanta tana ɗauke da waɗannan bayanai, kuma duba su ba ya wuce minti ashirin. Wannan darasi zai bi misali guda daga farko har ƙarshe: wani ya tallata iPhone 12, ya ce daga Amurka ta zo, ba a taɓa buɗe ta ba, batirinta 100%, kuma tana da sauran waranti.

Mataki na farko: lambar IMEI

Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda kamfanonin layi ke gane ta da ita. Mai saye ya nemi a kira shi kiran bidiyo, mai wayar ya danna wannan a wurin kira yana kallo:

```
*#06#
```

Lambar da ta fito sai a gwada ta da wadda ke cikin Settings > General > About. A iPhone 12 an kuma rubuta IMEI a jikin ɗan farantin da ake ɗora sim, da ƙananan rubutu. Idan da kwali, shi ma akwai ta a bayansa. Ya kamata duka su zo ɗaya. Idan ta farantin ta bambanta, wataƙila farantin kawai aka canza, wataƙila kuma an haɗa wayar ne da kayan wata. Ko wanne ne, zancen "ba a taɓa taɓa ta ba" ya fara rauni, sai mai wayar ya yi bayani.

Dalilin nacewa kan kiran bidiyo shi ne, hoton sikirin kowa na iya ɗaukowa daga wata wayar ya turo.

Mataki na biyu: lambar siriyal da waranti

A wannan shafi na About akwai Serial Number. Mai saye ya kwafe ta, ya shiga checkcoverage.apple.com a tasa wayar, ya rubuta. Shafin zai faɗi samfurin wayar da matsayin warantinta. Idan ana tallar iPhone 12 amma shafin ya nuna wani samfuri, ko ya ce bai gane lambar ba bayan an tabbatar an rubuta daidai, ciniki ya ƙare a nan.

Warantin Apple na shekara ɗaya ne daga ranar saye. iPhone 12 ta fito a watan Oktoban 2020, saboda haka abin da ake sa ran gani shi ne waranti ya ƙare, kuma wannan ba aibi ba ne ga tsohuwar waya. Aibin shi ne mai wayar ya ce akwai, shafin ya ce babu. Sau da yawa abin da yake nufi warantin shagonsa ne na 'yan kwanaki. Idan haka ne, ya rubuta a rasit kwana nawa ne da abin da ya ƙunsa, tare da IMEI ɗin wayar.

A kuma duba Model Number. Harafin farko M yana nuna an sayar da ita sabuwa, F kamfanin Apple ne ya gyara ya sake sayarwa, N kuma wadda aka ba wani a madadin tasa da ta lalace. Ƙarshen lambar yana nuna ƙasa, LL/A na Amurka ne. Can ƙasa akwai Carrier Lock. Idan ba No SIM restrictions aka rubuta ba, wayar a ɗaure take da wani kamfanin layi na waje, layin gida ba zai yi aiki a cikinta kai tsaye ba.

Mataki na uku: lafiyar batir

Ana ganin ta a Settings > Battery > Battery Health & Charging, a layin Maximum Capacity. Apple ya tsara batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Wanda ke cinye batir guda a kullum zai kai wannan adadi cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. To, wayar da ta yi shekaru a hannun mutane ta nuna 100% da batirinta na asali, abu ne mai wuyar gaske. Ko dai an sa sabon batir, ko kuma an yi amfani da na'urar masu gyara an ɗaga lambar alhali batirin tsoho ne.

Shafin About yana taimakawa a nan. Daga iOS 15.2, wayar da aka canza wa kaya tana nuna Parts and Service History, kuma a iPhone 12 ya shafi batir, sikirin da kyamara. Genuine Apple Part na nufin kayan kamfani ne aka sa ta hanyar da ta dace. Unknown Part na nufin wayar ba ta iya tantance kayan ba. Sai dai rashin ganin wannan sashe ba hujja ba ce cikakkiya, domin akwai masu gyaran da ke ɗora allon tsohon batir a kan sabo don kada saƙon ya fito.

Shi ya sa gwajin hannu ya fi ƙarfi. A ƙure hasken sikirin, a ɗauki bidiyo na minti goma, a lura da cajin kafin da bayan. Batirin da aka yi wa ƙarya yana zubewa da sauri, ko ya yi tsalle daga wata lamba zuwa can ƙasa, ko wayar ta mutu da sauran caji. Waya mai kashi 85 na gaskiya ta fi mai 100 na bogi, domin mai saye ya san abin da ya saya, kuma zai iya neman ragin kuɗin sabon batir.

Mataki na huɗu: kullen iCloud

Wannan shi ne wanda ke cinye kuɗi gaba ɗaya. Idan Find My a kunne yake, wayar tana ɗaure da asusun mai ita, ko an goge ta sai ta nemi kalmar sirrinsa. Akwai masu tsallake wannan kulle da manhaja, wayar ta riƙa buɗewa kamar lafiya, sai ranar da aka goge ta kullen ya dawo.

Maganin shi ne a goge ta a gaban mai saye: Settings > General > Transfer or Reset iPhone > Erase All Content and Settings. Bayan ta tashi a haɗa ta da intanet, a bi saitin har zuwa allon gida. Idan ta nuna iPhone Locked to Owner ko Activation Lock, a bar ta. Idan ta nuna Remote Management, wata ma'aikata ce ke iko da ita, ita ma a bar ta. Mai wayar da ya ƙi yarda a goge, yana cewa zai ɓata lokaci, ya riga ya ba da amsa.

Biyan kuɗi

Matakai biyu na farko da karanta lambar batir ana iya yinsu ta bidiyo, amma gwajin batir da gogewa sai waya a hannu. Don haka kada a tura kuɗin "riƙe min" ko na mota kafin a ga kaya. A haɗu a wurin jama'a, misali shagon mai gyara da aka sani a kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano. Idan gari ya yi nisa, a wakilta wani amintacce da wannan jerin. A sa sim a yi kira, a gwada Face ID, sannan a biya a karɓi rasit mai ɗauke da IMEI da sunan mai sayarwa, domin shi ne kariyar mai saye idan daga baya aka ce wayar ta sata ce.