Ɗalibai, ku raba wuƙa da firij

'Yar ƙanwata ce ta kira ni daga Kafanchan, inda take karatu. Ta ce, "Kawu, firij ɗinmu ya mutu, mai gida ya ce mu za mu biya." Shagona a Kasuwan Magani yake, kuma ba na yawan yin nisa haka don aiki ɗaya, amma yadda na ji muryarta ya sa na ɗaure kayan aiki na bi ta Kachia da Zonkwa. Su takwas ne a gidan haya na ɗalibai, kicin ɗaya suke amfani da shi, da firij ɗaya, da murhun gas mai kai biyu, da maikurowef da wata ta kawo daga gida.

Ina buɗe ƙofar firiza na ga abin da ya faru. A kan farantin ƙanƙara akwai zane-zanen bakin wuƙa, a tsakiya kuma ga wani ɗan tabo da aka liƙe da cingam aka bi da sufagulu. Sai da na matsa kafin wata ta faɗa min gaskiya. Ƙanƙara ce ta riƙe mata ledar kifi, tana sauri za ta shiga aji, ta ɗauki wuƙa tana sara. Ta ji "tsiii", ta tsorata, ta liƙe wurin, ta rufe ƙofa ta yi shiru.

Hujin nan bai kai girman ƙwayar gero ba, kuma da a ranar aka zare fulogi aka kira mai gyara, da aikin mai sauƙi ne. Shirun da ta yi ne ya kashe firij ɗin. Farantin nan alminiyam ne siriri, gas kuma a cikin jikinsa yake bi. Da gas ya gama fita, ƙanƙara ta narke a kan hujin, kwamfuresa kuwa tana ta aiki, sai ta riƙa zuƙo ruwa da iska zuwa ciki. Ruwan ya gauraya da man kwamfuresa. Tun da sanyi bai samu ba, tamostat bai taɓa yanke wuta ba, injin ya yi ta juyi dare da rana yana zafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda suka kira kafin ni. Ya zo da gwangwanin gas a aljihu, ya shafa gam a kan hujin, ya ɗura gas, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bai wanke layi ba, bai canza diraya ba, bai ja bakyum ba, man da ya sha ruwa ma bai duba ba. Firij ya yi sanyi na ɗan lokaci, ruwan da ke ciki ya daskare a bakin kafilari ya toshe hanya, ya saki, ya sake toshewa. A jikin kwamfuresa an rubuta R600a ƙarara, gwangwanin da ya bari a bayan ƙofa kuwa R134a ne. Gas biyun nan ba a musanya su, kowanne da injinsa da irin mansa. Mutum bai iya karanta lambar da ke gabansa ba, amma yana yawo gidajen ɗalibai ana kiransa injiniya. Lokacin da na iso, waya ta riga ta ƙone a cikin kwamfuresa, man da na zuba a roba baƙi ƙirin yana wari.

A cikin ɗaliban akwai yarinyar da ke sayar da zoɓo da kunun aya a makaranta, da shi take biyan haya. Kunun aya ba ya jure zafi, duk ya yi tsami. Miyar da iyaye suka aiko wa wasu ita ma zubarwa aka yi. Ga kuɗin sabuwar kwamfuresa da faranti da za a raba takwas.

Kada ku sa wuƙa, ko cokali mai yatsu, ko sukundireba a firiza. Idan ƙanƙara ta yi kauri kamar rabin santimita, ku zare fulogi, ku kwashe kaya, ku bar ƙofa a buɗe, ku ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki, za ta saki da kanta. Idan tsautsayi ya sa kun huda, ku zare fulogi nan take, ku buɗe taga, kada kowa ya kunna ashana, domin R600a yana kama wuta. Sannan ku faɗa. Ku faɗa a ranar, kada ku jira kwana uku.

Ita ma ƙanƙarar ba haka kawai take taruwa ba. Tukunyar miya da zafinta ake turawa ciki ba murfi, tururin ya hau faranti ya daskare. Robar ƙofa kuma ta saki saboda manja da ya bushe a kanta. Ku maƙala takarda a bakin ƙofa ku rufe, ku ja. Idan ta zare ba wahala, iska na shiga, a wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, in ta tsage a canza.

Sai maganar wuta. A kicin ɗin nan, firij da maikurowef da butar lantarki duk a ekstenshan ɗaya suke, irin mai siririyar waya, har bakin soket ɗin ya yi baƙi. Soket na bango mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne. Buta kaɗai tana iya jan 2,000, maikurowef ya ja sama da 1,000, kun riga kun wuce iyaka tun kafin firij ya tashi, kuma ekstenshan na kasuwa ba ya ɗaukar ko kusa da haka. Firij a ba shi soket nasa shi kaɗai. Idan Nepa ta ɗauke ta dawo nan da nan, ko aka juya zuwa janareto, a jira minti 5 kafin a kunna, ko ku haɗa kuɗi ku sayi sitabilaiza mai jinkiri. In kun ji firij yana gurnani sannan ya yi "ƙat", ya huta ya sake, wuta ta yi ƙasa ko injin ya kasa tashi. Ku kashe shi, kada ku zauna kuna sauraro.

Murhun gas ɗinsu a manne yake da gefen firij. Na sa aka raba su, aka kuma janye firij daga bango kamar faɗin tafin hannu don bayansa ya sha iska. Tiyon gas ya tsattsage, an ɗaure bakinsa da robar tayar keke. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma a ƙasan ne kayan wutar firij suke. Idan kun ji wari, ku rufe kan tukunyar gas, ku buɗe ƙofa da taga, kada ku taɓa makunni, ko don kashewa ne. Da kumfar sabulu ake neman inda yake tsiyaya. Harshen wuta in ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, ramukan kan murhun ne suka toshe da miya, a cire a wanke.

Maikurowef kuwa, ban da cokali, ban da takardar alminiyam, ban da faranti mai zanen zinariya a baki, kuma kada a kunna shi ba komai a ciki. Nasu ya fara tartsatsi ne saboda manja da ya fantsama a kan ɗan kwalin maika da ke bangon ciki, ya ƙone ya zama gawayi. Ku rufe abinci kafin ku ɗumama, ku goge ciki da tsumma mai laima. Kada wani ɗalibin injiniya ya ce zai kwance bayansa ya duba. Kafasitan ciki yana iya riƙe wajen bolt 2,000 ko bayan an zare fulogi, kuma yana kisa.

Duk wanda kuka kira gyaran firij, ku tambaye shi wane gas aka rubuta a jikin kwamfuresa, ku kuma nemi ganin injin bakyum ɗinsa. In ya ce ba sai da shi ba, ku biya masa kuɗin acaɓa ya koma. Shi kuma na gaskiya, ku gaya masa an huda da wuƙa ne da ranar da aka huda, domin da wannan zai san ko man kwamfuresa zai canza ko ita kanta.