Sayen tikitin jirgin sama: a kanta, a intanet ko wajen ejan, ina kuɗinka ke tafiya?

Yau za mu duba abin da ke ɗaure wa mutane da yawa kai: fasinjoji uku su zauna a layi ɗaya cikin jirgin Kano zuwa Legas, amma kowa da kuɗin da ya biya. Ɗaya ya saya a kantar kamfanin jirgin, ɗaya a wayarsa, na ukun kuma wajen ejan. Sau da yawa babu wanda aka cuta a cikinsu. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da kowa ya saya, da kuma ladan da mai sayarwar ya ɗora.

Kuɗin tikiti hawa biyu ne

Hawa na farko shi ne kuɗin tikitin kansa, wato kuɗin kujera da haraje-harajen da ke biye da shi. A cikinsu akwai kuɗin amfani da filin jirgi, da kashi 5 cikin ɗari da hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ke karɓa a kan tikiti, wani lokacin har da ƙarin kuɗin mai, wanda kan fito da alamar YQ a rasit. Waɗannan duk inda ka saya sai ka biya su.

Hawa na biyu shi ne ladan wanda ya yanka maka tikitin. A allon waya zai iya fitowa da suna Service fee ko Booking fee ko Convenience fee. Wannan hawan ne ke sauyawa daga wata hanya zuwa wata, kuma a kansa darasinmu yake.

Sai dai kafin ka ce wane ya fi wane tsada, ka san cewa hawa na farkon ma ba a tsaye yake ba. Kamfanin jirgi yakan raba kujerun aji ɗaya gida-gida, kowane gida da harafinsa da farashinsa. Idan kujerun gida mai araha suka ƙare, na'ura za ta buɗe na gaba da kanta. Don haka idan ka duba farashi a waya da safe, sannan ka je kanta da la'asar aka faɗa maka wanda ya fi shi, ba lallai ne kantar ce ta ƙara ba, mai yiwuwa masu arahar ne aka saye kafin ka iso. Kwatance ba ya yin daidai sai an yi shi a kan jirgi ɗaya, rana ɗaya, kuma a lokaci guda.

Yadda kowace hanya ke cin nata

A kanta, ko ta ofishin kamfanin a cikin gari ko ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ma'aikacin yana duba rumbun kujeru ɗaya ne da wanda shafin kamfanin ke nuna maka. Wasu kamfanonin, musamman na ƙasashen waje, suna ɗora kuɗin yankan tikiti ga wanda ya zo ofis ko ya kira ta waya, domin albashin ma'aikaci da hayar ofis kuɗi ne, kuma so suke ka koma shafinsu. Wasu kuma ba sa ƙara komai. Tambaya ɗaya za ta raba gardama: "Wannan kuɗin da kuka faɗa, daidai yake da na shafinku, ko akwai ƙari?"

A shafin kamfanin ko manhajarsa, galibi babu ladan mai sayarwa, amma ana iya samun kuɗin hanyar biya. Kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta kati suna cajin ɗan kasuwa. Misali, farashin da Paystack ya daɗe yana karɓa a kan katin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000. Wani ɗan kasuwar yana shanye wannan kuɗin, wani kuma sai ya ɗora wa mai saye a shafin ƙarshe.

Ejan kuwa iri biyu ne, akwai mai shago da za ka je ka same shi, akwai kuma shafukan intanet masu tattaro farashin kamfanoni da yawa, irin su Wakanow da Travelstart. A da kamfanonin jirage na ba ejan kamasho mai tsoka a kan kowane tikiti. Da kamashon ya ragu a duniya, sai ejan suka koma cajin fasinja kai tsaye. Wani lokacin ma kamfanin jirgin ne da kansa ke sa tikitin ejan ya fi tsada. A shekarar 2015 Lufthansa ya fara ɗora Yuro 16 a kan tikitin da aka yanka ta manyan rumbunan da ejan ke amfani da su, irin su Amadeus da Sabre, alhali wanda ya saya a shafinsa bai biyan wannan kuɗin.

Kada kuma a ɗauka intanet kullum ita ce mai araha. A Amurka wasu kamfanonin jirage masu rahusa, irin su Spirit, sun shafe shekaru suna cajin kuɗi na musamman ga mai saye a intanet, wanda ya je kantar filin jirgi kuma a ɗauke masa.

Mu buga lissafi

Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba farashin wani kamfani ba ne. A ce tikitin Kano zuwa Legas, da duk harajinsa, naira 120,000 ne.

A shafin kamfanin jirgin, idan aka ɗora maka kuɗin kati, kashi 1.5 na 120,000 shi ne 1,800, a haɗa da 100 ya zama 1,900. Ka biya 121,900.

A shafin ejan na intanet sai ka ga 116,500 da manyan lambobi, domin ya rage wani abu daga ribarsa don ya fito a saman jeri. Ka cika sunanka, ka danna gaba, sai ga ladan aiki 4,000, sai kuɗin kati kusan 1,900. Jimilla 122,400. Wanda ya fara da zama mafi araha ya ƙare da ɗara na kamfanin da naira 500. A irin waɗannan shafukan kuma ka lura da ƙananan akwatunan inshorar tafiya ko saƙon tunatarwa, wani lokacin za ka tarar an riga an zaɓa maka su, sai ka cire da kanka.

A kanta ka biya 120,000 cif, amma kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya ci 3,000, ya zama 123,000, ban da lokacin da ka ɓata. Ejan na unguwa kuma ya ce a ba shi 125,000, wato ladansa 5,000.

Tsakanin mafi araha da mafi tsada naira 3,100 ce kawai. A gaskiya wannan ba abin da zai hana mutum barci ba ne. Inda bambancin ke fitowa fili shi ne ranar da tafiya ta fasu.

A ce dokar tikitin ta ce za a cire 20,000 idan ka fasa. Wanda ya saya a shafin kamfani za a mayar masa da 100,000, kuɗin kati ba ya dawowa, asararsa 21,900 ke nan. Wanda ya saya a shafin ejan, daga 116,500 za a fara lissafi, a cire 20,000 na kamfanin jirgi, ejan ya cire nasa ladan aikin mayar da kuɗi, a ce 5,000. Abin da zai shigo masa 91,500 ne daga cikin 122,400 da ya biya, asararsa 30,900. Bambancin naira 500 ya koma 9,000. Ga kuma jira, domin kamfanin jirgi ejan ɗin yake mayar wa kuɗin, shi kuma ya turo maka. Idan ka je kanta da tikitin ejan kana neman kuɗinka, amsar da aka saba bayarwa ita ce ka koma inda ka saya.

Wannan ba ya nufin ejan ba shi da rana. Tafiyar da za a sauya jirgi sau biyu, ko ta iyali mai mutum takwas, ko Umara da ta haɗa biza da masauki, ejan da ya san aikinsa ya ci ladansa halak. Amma tafiyar Kano zuwa Abuja kai kaɗai, ga waya a hannunka ga kati, ban ga dalilin biyan wani ya danna maka abin da za ka danna cikin minti biyar ba.

Riƙe kujera daban, yankan tikiti daban

Nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ana iya riƙe maka kujera ba tare da an biya ko sisi ba. Na'ura za ta fitar da lambar rijista mai haruffa da lambobi, galibi guda shida, wadda ake kira PNR, da takarda mai sunanka da lokacin tashi. A ido kamar tikiti take. Amma idan wa'adin biya ya cika ba a biya ba, kujerar za ta saki kanta. Ejan marar amana zai iya karɓar kuɗinka ya turo maka wannan takardar ta WhatsApp, ba za ka gane ba sai ka isa filin jirgi an ce babu sunanka.

Tikitin da aka biya, a yawancin kamfanoni, yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ukun farko na kamfanin jirgin ne: 071 na Ethiopian Airlines, 077 na EgyptAir, 065 na Saudia, 157 na Qatar Airways. Da zarar ejan ya turo maka takarda, ka buɗe shafin kamfanin jirgin da kanka, kada ka bi wani adireshi da aka turo maka. Ka nemi wurin da aka rubuta Manage booking ko My trips, ka sa PNR ɗin da sunanka na ƙarshe kamar yadda aka rubuta shi a takardar. Idan ka ga lambar tikiti, an yanka. Idan ka ga On hold ko Pending payment, ko wani maɓalli yana neman ka biya, to ba a biya ba tukuna. Kalmar Confirmed ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin tana iya nufin kujerar ce kawai aka riƙe.

Tunda kana wurin, ka duba lambar waya da imel ɗin da aka sa a rijistar. Wasu ejan nasu suke sawa, sai kamfani ya sauya lokacin tashi, saƙo ya tafi wayar ejan, kai kana gida ba ka da labari. Ka sa a maye su da naka, ka kuma tabbatar an rubuta sunanka harafi da harafi kamar yadda yake a katin shaidarka ko fasfo, domin gyaran suna bayan an yanka tikiti sau da yawa shi ma kuɗi ne, kuma idan ta hannun ejan ka saya, galibi ta hannunsa za a bi a gyara.