Tambayi Baƙonka Kafin Ka Ɗauki Lasifika

Akwai wata magana da na gaji da ji daga bakin matasa masu gabatar da taro. Wai kiran babban baƙo a tambaye shi yadda yake so a gabatar da shi rashin ladabi ne, domin yana nuna ba ka san shi ba. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa kiran mai jawabi ya ji haushi ba, amma na sha ganin wanda ransa ya ɓaci a kan mumbari saboda ba a kira shi ba.

Kwanan baya na halarci bikin ƙaddamar da wani littafi. Mai gabatarwa ya miƙe ya kira babban baƙo mai jawabi da Farfesa har sau huɗu, alhali mutumin bai kai ga wannan matsayi ba tukuna, takardunsa suna hannun masu tantancewa, kuma shugaban sashensu na zaune a sahun gaba. Bai tsaya nan ba, ya yi masa murnar wani muƙami da aka ce zai samu, wanda ba a sanar ba. Bawan Allah ya kwashe mintunan farko na jawabinsa yana gyara. Da na tambayi yaron inda ya samo bayanan, sai ya ce a waya ya duba, wani abokinsa kuma ya ƙara masa.

Muƙami ba ya zama wuri ɗaya. Atiku Abubakar ya daɗe yana Turakin Adamawa kafin a ɗaga shi zuwa Waziri a 2017. Duk wanda ya ɗauki tsohuwar takarda bayan nan ya karanta, ya kira shi da sarautar da ta koma hannun wani. Haka soja yake yin ritaya, kwamishina ya sauka. Dakta ma iri-iri ne: akwai likita, akwai mai digiri na uku, akwai wanda aka ba na girmamawa, kuma ba kowa ke son a kira shi da na ƙarshen a gaban malaman jami'a ba. Wani kuma yana da duka, amma Malam kawai yake so.

To ka kira baƙonka mako guda kafin taro, tun ba a kai takardar shirin taron maɗaba'a ba. Bayan gaisuwa ka ce: "Ranka ya daɗe, ni ne zan gabatar da kai ranar Asabar, ina so in ji yadda ka fi so a ambace ka." Sannan ka roƙe shi ya rubuto maka sunansa da kansa ta saƙon waya, kada ka dogara da kunnenka. Suna ɗaya ne, amma Buhari Muhammadu ya riƙa rubutawa, Issoufou na Nijar kuwa Mahamadou. Ka duba ƙugiya ma: in Ɗanladi ne, a sa masa ɗ ɗinsa, kuma kai ne za ka tsaya a kan mai buga takardar, don yawancinsu sai sun yar da ita.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne na uku, wato abin da ya halatta ka faɗa. Sanin abu daban, izinin faɗarsa daban. Kuɗin da mutum ya bayar aka gina masallaci, jinyar da ya yi, yawan iyalinsa, jam'iyyarsa, duk ba naka ba ne har sai ya ce ka faɗa. In mace ce, ka tambaye ta ko tana so a ambaci mijinta. Wata tana so, wata kuwa aikinta ya kawo ta wurin, da shi take so a san ta. Kada ka yanke mata hukunci. Ka rubuta gabatarwar, wadda ba za ta wuce minti ɗaya da rabi ba, ka tura masa, ka ce ya soke abin da ba ya so. In ta hannun sakatarensa kake bi, ka tabbatar maigidan ya gani da idonsa, domin sakatarori sun fi kowa son ƙara gishiri.

Su ma masu shirya taro suna da nasu laifin. Sai ana gobe taro su nemo mai gabatarwa, su miƙa masa jerin sunaye da aka rubuta a gaggauce, ba lambar kowa. In haka ta same ka, ka iso da wuri, ka tari baƙon tun kafin ya zauna, ka nuna masa takardar ya karanta. Minti biyu ya isa.