Darasi: Yadda ake amsa tambaya wurin neman aiki

Idan mutum ya tafi neman aiki, masu ɗaukar ma'aikata sukan zaunar da shi su yi mishi tambayoyi. Wata tambayar takan fara haka: "Ba mu labarin wata rana da..." Abin da suke so su ji shi ne abin da mutum ya taɓa yi da hannunshi, domin halin da ya nuna jiya shi ake sa ran zai nuna gobe.

Amsar irin wannan tambaya tana da gaɓa huɗu. Da farko a faɗi halin da ake ciki: ina ne, yaushe ne, mi ya faru. Na biyu, a faɗi nauyin da ya rataya ga wuyan mai magana. Na uku, a faɗi abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu, a faɗi sakamako.

Ga misali. Ƙungiyar manoma ta wani gari tana neman mai tsaron rumbun tsimi. Samari biyu suka zo. Shugaban ƙungiya ya yi ma kowane tambaya guda: "Ɗana, ba mu labarin wata rana da aka ba ka amanar kaya, sai matsala ta auku."

Na farko ya ce: "Baba, ni mutum ne mai riƙon amana. Kullum muna kula da kaya sosai. Kowa ya san ni."

Shugaba bai ƙaru da komi ba. Babu rana, babu kaya, babu aiki. Kuma saurayin ya ce "muna", ba a san abin da shi kanshi ya yi ba.

Na biyu ya ce: "Baba, bara da damana kawuna ya yi tafiya Maraɗi ta kwana biyar. Yana da buhu 40 na hatsi cikin ɗaki. Daren farko aka yi ruwa mai yawa, rufi ya yi yoyo, buhu 6 suka jiƙe.

"Ni ya bar ma makulli, saboda haka ni ke da nauyin tsare hatsin har ya komo.

"Da safe na taɓa buhunan ɗaya bayan ɗaya, na ware jiƙaƙƙun don kada damshi ya kama sauran. Na aro itace ga maƙwabcinmu na jera ƙasa, ni da ƙanena muka aza busassun bisa, nesa da bango. Na zazzage jiƙaƙƙun bisa tabarmi, na shanya su kwana biyu ina motsawa. Da na ciji ƙwaya na ji ta fashe ƙaras, sai na san ta bushe. Na kira magini ya toshe yoyon, na aika ma kawuna da labari, kuma na rubuta komi cikin littafi.

"Da ya komo muka auna tare. Tiya 15 kaɗai suka yi fumfuna muka zubar, sauran duka sun tsira. Tun daga ranar ba mu ƙara ajiye buhu bisa ƙasa ba."

Ku duba amsar nan da kyau. Gaɓa ta farko da ta biyu gajeru ne. Ta uku ta fi kowace tsawo, domin nan ne shugaba yake ganin hankalin saurayin. Ya ce "na ware", "na shanya", "na rubuta". Inda aka taimake shi kuma ya faɗi. Cikin sakamako ya kawo lissafi, bai ɓoye hasarar tiya 15 ba. Duka maganar ba ta wuce minti biyu ba.

Shugaba yana iya ƙara tambaya: "Don mi ba ka jira kawunka ba?" ko "Wane ne ya biya magini?" Wanda ya yi aikin da gaske zai amsa nan take. Wanda ya ƙirƙiro labari kuwa zai yi ta inda-inda, lissafinshi na farko ya saɓa da na baya. Saboda haka a zaɓi labari na gaskiya, ko da ƙarami ne. Kiwo, tallar kasuwa da riƙon kuɗin ƙungiyar lakkwal duka aiki ne.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne gaɓoɓi huɗu na amsa?
2. Mi ya rage cikin amsar saurayi na farko?
3. Ta yaya saurayi na biyu ya gane hatsi ya bushe?
4. Buhu nawa ne ruwa bai taɓa ba?

Aiki

Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya tambaya: "Ba ni labarin ranar da ka sasanta mutum biyu masu faɗa." Ɗaya ya amsa da baki. Mai tambaya ya ɗaga yatsa duk lokacin da ya ji gaɓa guda, har su cika huɗu. Sannan ku yi musanya.