Motsa Jiki da Maiƙon Jini: Wane Iri, Kuma Minti Nawa a Mako?

'Yar'uwa, idan likita ya tura ki gwajin maiƙon jini, a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ne ko a asibitin koyarwa na Shika, za ki ga layuka da dama a takardar sakamako. Darasinmu na yau a kan biyu daga cikinsu ne, waɗanda motsa jiki ya fi taɓawa.

Na farko shi ne tiraigilisaraid, wanda ake taƙaita shi da TG. Maiƙo ne da ke yawo cikin jini, daga man da muka ci da kuma wanda hanta ke ƙerawa daga rarar suga da tuwo da shinkafa. Ana so ya kasance ƙasa da 1.7 mmol/L, wato 150 mg/dL. Na biyu shi ne HDL, kolestarol mai amfani, wanda ke kwashe maiƙo daga jijiyoyin jini ya mayar da shi hanta. Ga mace ana so ya kai 1.3 mmol/L, wato 50 mg/dL, ko ya fi. Idan na farko ya hau na biyu ya sauka, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, waɗannan biyun ba hali ɗaya gare su ba. TG mai saurin ji ne, kuma mai saurin mantuwa. Idan kika yi tafiya mai kyau yau, tsokokinki za su riƙa janye maiƙo daga jini domin mayar da abin da suka ƙona, har gobe. Amma bayan kwana biyu zuwa uku wannan amfani ya gushe. Don haka kada ki bari kwana biyu a jere su wuce ba ki motsa ba. Wadda ta tara aikin duka ranar Asabar, ta zauna sauran mako, ta yi asarar wani ɓangare na wannan amfanin.

Shi kuwa HDL mai nauyin jiki ne, sai an yi watanni ana abu kafin ya ɗaga. A shekarar 2007 wasu masana a Japan sun tattara gwaje-gwaje da dama, suka gano cewa sai motsa jiki ya kai kimanin minti 120 a mako kafin HDL ya fara hawa, kuma tsawon lokacin da aka ɗauka a kowane karo ya fi tsananinsa tasiri. Ke nan tafiyar minti 40 ta fi gudun minti 10 amfani a wannan fanni.

To minti nawa ake bukata? Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, tare da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Matsakaici yana da alama mai sauƙi: numfashinki ya ƙaru, jikinki ya yi ɗumi, kina iya magana amma ba za ki iya jan karatu ko rera waƙa ba. A tafiya, wannan ya kai kimanin taku 100 a minti ɗaya.

Nan ne da yawa daga cikinmu za su ce, ai ni wuni nake yi ina aiki. Gaskiya ne, amma ba kowane aiki ake lissafawa ba. Wanke-wanke a zaune, tsinkar ganye, girki da ɗinki suna gajiyarwa, amma ba sa ɗaga bugun zuciya. Daka a turmi, jan ruwa a rijiya da sharar babban tsakar gida da sauri suna shiga lissafi, muddin sun sa ki haki. Sai dai injin niƙa da 'yan aike sun ɗauke wa yawancinmu waɗannan.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wata uwargida a Ƙofar Galadima, shekarunta 45, ba ta fita sai da dalili. Gwajinta ya nuna TG 2.3, HDL kuma 1.0. Tsakar gidanta taku 25 ne a zagaye, wato zagaye huɗu a minti ɗaya ya ba ta taku 100. A makon farko za ta yi minti 10 bayan sallar asuba, kwana biyar. Kowane mako ta ƙara minti 5. A mako na biyar ta kai minti 30 sau biyar, jimla 150. Ranakun hutunta biyu kada su haɗu, misali Talata da Juma'a. Ta riƙa sauya ɓangaren zagaye don gudun jiri da ciwon gwiwa.

Daga nan, saboda HDL, sai ta tsawaita kwana biyu zuwa minti 45. Idan tana zuwa Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, da yardar maigida sai ta tafi a ƙafa cikin hijabinta tare da maƙwabciya, su bi hanya mai ɗan nisa, su ɗaga ƙafa. Jimlar makonta ta zama minti 180. Ranar Litinin da Alhamis kuma ta ƙara aikin tsoka a ɗaki: ta zauna a kujera ta miƙe sau 10, ta dafa bango ta tura jikinta sau 10, ta ɗaga galan mai lita huɗu cike da ruwa sau 10, sannan ta maimaita duka. Wannan yana taimaka wa jiki sarrafa suga, amma ba ya maye gurbin tafiya.

Bayan wata uku ta koma gwaji, ba ta ci komai ba tun dare in likita ya ce haka. Abin da za ta iya sa rai shi ne TG ya sauko wajajen 1.9 ko 2.0. HDL kuwa, matsakaicin ƙarin da binciken can ya samu 2.5 mg/dL ne kacal, wato daga 1.0 ba zai wuce 1.1 ba. Kada ta ce wahalar banza ta sha. Tafiyar tana rage hawan jini da suga da tumbi, waɗanda wannan layi ba ya nunawa.

Idan TG bai motsa ba, a duba abu uku. Ko tafiyar ta zama ta rangwaɗa, babu haki? Ko tana gamawa ta bi da lemon kwalba ko zoɓo mai suga, wanda hanta za ta mayar maiƙo? Ko kuwa akwai ciwon suga da bai daidaita ba, ko wani magani da take sha? Na ukun aikin likita ne. Haka nan ciki yana ɗaga TG, don haka mai juna biyu ta bi shawarar wurin awo. Wadda TG ɗinta ya kai 5.6 mmol/L, wato 500 mg/dL, tafiya kaɗai ba ta ishe ta ba, domin yana iya kumbura pankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Ita sai da magani.

Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai sauka ba, ta ga likita kafin ta fara. Duk wadda ta ji nauyi ko zafi a ƙirji, jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Lokacin zafin Maris da Afrilu a yi da sassafe a sha ruwa, a watan azumi kuwa a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa baki.

Kada kunya ta hana ki, 'yar'uwa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA). Ki nuna wa maigida wannan darasi, ki samu ƙaramin littafi kina rubuta mintocinki kullum, ki tafi da shi ranar da za ki koma ganin likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani, Ya ba mu ikon bauta Masa da ita. Wassalamu alaikum.