Matakan gano gudun ƙarshe na ƙwallon da aka jefa da juyin baya

Yaran Gwandu da ke wasan garegare sun san wannan dabara tun kafin su shiga aji: ka wurga rim ɗin keke gaba kana murɗa shi baya, sai ya tafi yana kankarar ƙasa, ya ɗan tsaya, ya komo hannunka. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo kuwa, a takarda yake haɗuwa da abin: an jefa ƙwallo da juyin baya a kan daɓe mai kaushi, da wane gudu zai ci gaba da mirgina idan zamewa ta ƙare? Ga yadda ake warware ta. Ka tanadi ƙwallon ƙafa mai cike da iska, alli, tef ɗin awo, waya mai ɗaukar bidiyo, da daɓen siminti shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da gangara.

1. Fara da kallo, kada ka taɓa biro tukuna. Zana layin alli mai kauri a jikin ƙwallon. Ka tura shi gaba daf da ƙasa, hannunka yana janyo samansa zuwa gare ka. Za ka ga layin yana juyawa baya alhali ƙwallon na tafiya gaba, kuma za ka ji ƙarar kankara. Can sai juyin ya mutu, ya koma gaba, ƙarar ta ɗauke. Gudun da yake da shi a daidai lokacin da ƙarar ta ɗauke, shi muke nema.

2. Zaɓi alkibla ka tsaya a kanta. Gaba ita ce tarawa, baya ita ce ɗebewa. Yawancin kuskure a wannan lissafi daga nan yake tasowa, don haka ka zana kibiya a gefen takarda.

3. Auna abu biyu. Na farko gudun jifa, mu kira shi v, a mita cikin daƙiƙa. Ja layuka a ƙasa, rabin mita tsakaninsu, ka ɗauki bidiyo, ka duba tazarar farko kawai, domin gudun na raguwa nan da nan. Na biyu gudun juyi, mu kira shi u. Naɗa tef a jikin ƙwallon ka samu kewayensa, ka ninka da yawan juyin da layin alli ke yi a daƙiƙa ɗaya. Ƙwallo mai lamba 5 kewayensa santimita 68 zuwa 70 ne. A misalinmu mu ce v mita 5 ne, juyi 3 a daƙiƙa, kewaye mita 0.7, sai u ya zama 2.1. A kula: santimita sai an mai da ita mita kafin ninkawa.

4. San irin abin da ka jefa. Akwai lamba, k, mai nuna inda nauyin abu ya taru. Idan nauyin duka yana baki, kamar rim, k kusan 1 ne. Ƙwallo mai iska a ciki, 2/3. Ƙwallo cikakke kamar na sunuka, 2/5. Ɗalibai da yawa suna ɗora 2/5 a kan ƙwallon ƙafa saboda ita suka haddace, amma ƙwallon ƙafa fata ce ta lulluɓe iska.

5. Gane aikin gogayya. Nan ne ya kamata ka daɗe. Wurin da ƙwallon ya taɓa ƙasa yana zamewa gaba da gudun v + u, domin tafiya da juyin baya duk gaba suke tura gindin ƙwallon. A misalinmu 7.1 ke nan. Saboda haka ƙasa tana riƙe shi baya. Wannan riƙo guda ɗaya aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana rage gudun tafiya, kuma tun da a gindi yake ja, yana murɗa ƙwallon zuwa juyin gaba. Abin da za ka riƙe shi ne ƙiyasin da ke tsakanin ayyukan biyu ba ya canjawa: duk mita 1 da juyi ya samu, tafiya ta yi asarar k. A ƙwallon ƙafa, in juyi ya ƙaru da 3, tafiya ta ragu da 2, ko daɓen mai kaushi ne ƙwarai ko mai ɗan sulɓi.

6. Rubuta sharaɗin ƙarewar zamewa. Tana ƙarewa ne idan gudun juyin gaba ya yi daidai da gudun tafiya. Mu kira wannan gudu w. Juyi ya taso daga −u ya kai w, wato ya ƙaru da w + u. Tafiya ta sauko daga v zuwa w. Bisa ƙiyasin mataki na 5:

v − w = k(w + u)

Tattara w gefe ɗaya:

w = (v − ku) / (1 + k)

7. Saka lambobi. ku shi ne 2/3 na 2.1, wato 1.4. Ɗebe daga 5, saura 3.6. Raba da 5/3, ka samu 2.16. Ƙwallon zai mirgina gaba da mita 2.16 a daƙiƙa. Duba ka gani, nauyin ƙwallon bai shigo ba, kaushin daɓe ma bai shigo ba. Ni wannan ne abin da ya fi burge ni a tambayar: kaushi ba ya canja amsa, sai dai ya sa a isa gare ta da wuri.

8. Idan an tambayi lokaci ko nisa, a nan kaushi ke da baki. Mu ɗauka ma'aunin gogayya 0.5 ne. Ninka da 9.8, tafiya na raguwa da 4.9 kowace daƙiƙa. Asarar gudu 2.84 ce, in ka raba da 4.9 sai ka ga daƙiƙa 0.58. Matsakaicin gudu 3.58 ne, nisan zamewa kimanin mita 2. Gwada amsarka ta ɓangaren juyi: yana ƙaruwa da 4.9 a raba da k, wato 7.35 a daƙiƙa. Daga −2.1 zuwa 2.16 tazarar 4.26 ce, kuma 4.26 a raba da 7.35 ya ba da 0.58 ɗin nan. In lokutan biyu ba su haɗu ba, koma mataki na 2.

9. Kada ka ce ƙarfin motsi na farko daidai yake da na ƙarshe. Kankarar nan tana mai da shi zafi da ƙara. A misalinmu fiye da kashi 70 cikin 100 ya tafi.

10. Karanta alamar amsa. Idan ku ya fi v, w zai fito da ɗebewa, ma'ana ƙwallon zai komo. Ƙwallonmu sai juyinsa ya haura 7.5, kusan juyi 11 a daƙiƙa, abin da hannu ke wahalar yi. Rim kuwa kewayensa ya kusa mita 2 kuma k nasa 1 ne. Jefa shi da gudun 2 da juyi 2 a daƙiƙa, u ya zama 4, w ya zama −1. Shi ya sa garegare ke komowa cikin sauƙi, ƙwallo kuwa yakan ƙi.

11. Kwatanta da bidiyonka, amma ka san iyakar lissafin. In ƙwallon ya yi tsalle, sake jifa. A filin yashi ko ƙwallon da ya sace, ƙasa na danne gabansa, amsar ba za ta yi daidai ba. Share ƙurar hunturu daga daɓen, kuma ka auna w a mitar farko bayan juyin ya daidaita, domin daga nan gudun zai ci gaba da raguwa a hankali har ƙwallon ya tsaya.